Darasi na Tara: Rubuta Taƙaitaccen Tarihin Abokin Aiki Mai Yin Ritaya

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. faɗin abin da ake nufi da taƙaitaccen tarihi na takardar bikin ban-kwana;
2. tattara bayanan aikin mutum, ya kuma tantance shekaru da muƙamai kafin ya rubuta;
3. yabon mutum da abin da ya aikata a zahiri, ba ƙari ba ragi;
4. gane abin da ba ya shiga takarda sai da izinin mai shi.

Wace irin takarda ce wannan?

Idan ma'aikaci ya gama wa'adinsa, abokan aiki sukan haɗa masa walimar ban-kwana. A wurin walimar akan raba 'yar takarda mai ɗauke da jerin abubuwan da za a yi: addu'ar buɗe taro, jawabin maraba, miƙa kyauta, jawabin godiya. A cikinta akan ware shafi guda a sa hoton mai ritayar, a rubuta tarihin aikinsa a ƙasa. Galibi shugaban sashensa ake ɗora wa wannan rubutu, domin shi ya fi kowa ganin aikinsa na yau da kullum.

Jawaban da aka yi a taro ana mantawa da su kafin mako ya zagayo. Shafin nan kuwa gida ake tafiya da shi. 'Ya'yansa za su karanta, wani ma ya sa shi a firem ya rataye a falo. Saboda haka kuskure ɗaya a ciki yakan daɗe yana ci wa mutum rai.

> Ma'anar kalma. Taƙaitaccen tarihi: gajeren rubutu da ke faɗin inda mutum ya fara aiki, inda ya bi, abin da ya yi, da halin da aka san shi da shi. Ba ya wuce shafi ɗaya, wato kalmomi 250 zuwa 300, abin da za a karanta a bayyane cikin minti biyu ko uku.

Ya bambanta da takardar neman aiki, wadda jerin makarantu da muƙamai ce kawai. Ya kuma bambanta da ta'aziyya, domin wanda ake magana a kansa yana zaune a layin gaba yana saurare.

Mataki na farko: a fara da fayil

Kada ka amince da abin da ke kanka, ko da kun shekara ashirin tare. Ka je ofishin kula da ma'aikata ka roƙi a duba maka fayil ɗinsa, ka kwafo abubuwa biyar: ranar haihuwarsa, ranar da ya kama aiki kamar yadda take a takardar ɗaukarsa, wuraren da aka tura shi, kwasa-kwasan da ya yi, da muƙamin da yake kai a ranar da zai ajiye aiki. Abin da ya rage a fayil ɗin ba naka ba ne, kada ka ɗauko.

Daga nan sai lissafi. A aikin gwamnati a Nijeriya, ƙa'idar da ta shafi yawancin ma'aikata ita ce mutum ya yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Dokar da aka yi wa malaman makaranta a 2022 ta ɗaga nasu zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 na aiki, amma ka tambayi ofishinku abin da ake bi a jiharku. Wannan ƙa'ida ita ce ma'auninka na gane kuskure.

Ga misali. Malam Wane, wanda za mu bi labarinsa har ƙarshen darasi, mutum ne da muka ƙirƙira domin koyo. An haife shi a 1967, ya kama aiki a watan Afrilun 1989. Idan ka tara 35 a kan 1989 za ka samu 2024. Idan ka tara 60 a kan 1967 za ka samu 2027. Ke nan shekarun aiki ne suka riga cika, zai tafi a 2024 yana da shekara 57. Wanda ya rubuta cewa "ya yi ritaya bayan cika shekara 60" ya yi kuskure. Abokiyar aikinsa Hajiya Wance kuwa an haife ta a 1964, ta kama aiki a 1994. Ita shekarun haihuwa ne suka cika mata a 2024, aikinta shekara 30 ne. Sau da yawa masu rubutu sukan liƙa wa kowa "shekara 35" saboda ita suka saba ji.

Ranar haihuwa tana bukatar taka-tsantsan na musamman. Da yawa daga cikin dattawan ma'aikata ba su da takardar haihuwa ta asibiti, takardar rantsuwa ta kotu suka kawo, kuma abin da dangi ke faɗa a gida yana iya saɓawa da ita. Mutumin nan yana shirin bin takardun fansho da giratuti, ba ya bukatar wata takarda mai tambarin ofis da ke faɗin wata shekara dabam. Ko dai ka sa abin da ke fayil, ko kuma ka bar shekarar haihuwa gaba ɗaya idan haka ya fi so.

Ka kula da sunayen wurare ma. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, Jigawa da Kebbi da Yobe a 1991, Zamfara da Gombe a 1996. Malam Wane a ƙasar Haɗejiya ya fara aiki a 1989, lokacin tana cikin Jihar Kano. Idan ka rubuta cewa Jihar Jigawa ce ta ɗauke shi aiki a 1989, tsofaffin da ke wurin za su gane nan take, kuma daga nan sai su fara shakkar sauran abin da ka rubuta.

Mataki na biyu: a zauna da mai shi, a tambayi na ƙasa da shi

Fayil zai ba ka shekaru, amma ba zai gaya maka yadda mutum ya yi aikin ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, don haka ka nemi rabin sa'a ka zauna da shi. Ka je inda yake aiki, kada ka kira shi ofishinka, domin wanda shugaba ya kira yakan zo ne a ɗarare. Matsalar ita ce, dattijon kirki ba ya yabon kansa. Idan ka ce masa ya faɗi nasarorinsa, zai ce ba komai, aikinsa kawai ya yi. Sai ka yi tambayar da za a amsa da labari.

Malam Wane shi ne mai kula da ɗakin kati a wani babban asibiti. Shugabar sashen, wadda ta kai sa'ar 'yarsa, ta same shi bayan la'asar layi ya ragu.

"Baba, wannan jar rajistar da ke kan teburinku, ban gan ta a cikin littattafan da ofis ke bayarwa ba."

"Ranki ya daɗe, ai tawa ce. Mutanen ƙauye sukan ɓatar da ƙaramin kati, in ba lamba kuwa ba a samun fayil. Sai na riƙa rubuta sunan mutum da na mahaifinsa da garinsa, lambar tana gefe. In ya zo ba kati, garinsa kawai nake tambaya."

"Tun yaushe kuka fara?"

"Shekarar da aka maido ni nan, 1998. Wannan ta tara ce. Sauran suna cikin akwatin can."

Da tambaya biyu ta samo abin da fayil bai sani ba. Bayan haka ta tambayi mutum uku: wani matashi da ya koyi aiki a hannunsa, wata nas da ta daɗe a asibitin, da maigadin ƙofa. Maigadin ne ya ba ta labarin wata damina da rufin ɗakin kati ya yi yoyo cikin dare, Malam Wane ya taso daga gida a kan keke, suka kwashe fayiloli daga kantocin ƙasa suka jera a bencinan jira har gari ya waye. Ku lura da waɗanda ta tambaya. Shugabanni rahoto suke gani, na ƙasa da mutum su suke ganin halinsa.

> Ma'anar kalma. Hujja: wani aiki takamaimai, mai wuri da lokaci, wanda aƙalla mutum ɗaya ban da marubucin zai iya cewa "haka aka yi".

Mataki na uku: yabo da hujja

Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne mafi yawan irin waɗannan rubuce-rubuce ke lalacewa. Karanta wannan:

*"Malam Wane haziƙin ma'aikaci ne, jajirtacce, mai gaskiya da riƙon amana, wanda babu kamarsa a tarihin wannan asibiti. Shi ne ya kawo duk wani ci gaba da aka samu a sashenmu. Ya kasance mutum mai haƙuri da son jama'a. Haƙiƙa mun yi babban rashi."*

Wanda ya rubuta wannan da zuciya ɗaya ya yi, amma akwai illa uku a ciki. Ta farko, ka cire sunan Malam Wane ka sa na direba ko na akanta, babu kalmar da za ta canza. Rubutun da zai dace da kowa bai nuna an lura da mutumin ba. Wannan gwaji ne mai sauƙi da za ka riƙa yi wa kowace jimla: rufe sunan da yatsa, ka tambayi kanka ko ma'aikatan za su gane wa ake nufi.

Illa ta biyu, "babu kamarsa" da "duk wani ci gaba" sun danne haƙƙin wasu. A cikin zauren akwai waɗanda suka yi aikin tare da shi, akwai ma wanda ya koya masa. Su za su ji zafi, shi kuma zai ji kunya, domin ya san ba haka aka yi ba. Idan aiki na mutum biyar ne, ka rubuta "yana cikin waɗanda suka" yi shi, sannan ka faɗi nasa kason.

Illa ta uku tana cikin lafazin. "Ya kasance" da "mun yi babban rashi" maganar gidan makoki ce. Halin mutum mai rai da "yana" da "yakan" ake faɗinsa: yana da haƙuri, yakan riga kowa zuwa. Abin da ya auku ya wuce, kamar kama aiki ko tafiya kwas, shi ake ce wa "ya yi".

Gyaran shi ne kowace siffa ta zo da hujjarta, ko ma hujjar ta zo ita kaɗai. A maimakon "mai son jama'a", ka ba da labarin jar rajista. A maimakon "jajirtacce", ka ba da na daren yoyo. Siffa biyu masu hujja sun ishi shafi guda. A ganina, marubucin da ya kasa samo ko labari ɗaya na gaskiya a kan mutumin da ya shekara 35 a wuri bai gama tambaya ba ne, ya koma wurin mutane.

> Ma'anar kalma. Adalci a yabo: a faɗi alherin da mutum ya yi daidai gwargwadonsa, ba a ƙara masa da na wani ba, ba a kuma rage masa saboda ƙanƙantar muƙami ko wani saɓani ba.

Ragi ma rashin adalci ne, kuma ya fi ƙari ɓoyuwa. Yakan bayyana idan mutum biyu ko uku za su tafi a rana ɗaya: a ba darakta shafi biyu, a ba masinja layi uku. Ku yanke tsawo ɗaya ga kowa tun kafin a fara rubutu, hotuna ma girmansu ɗaya. Jerin sunaye yana iya bin muƙami, yawan kalmomi kam ya zama daidai. Ragi yakan bayyana kuma idan shugaba ya taɓa samun saɓani da mai ritayar, sai rubutun ya fito a bushe, shekaru da muƙamai kawai. Idan ka san akwai wani abu a ranka, ka tattara labarai daga bakin wasu, ka kuma ba wani amintacce ya karanta maka kafin ka miƙa.

Abin da ba ya shiga takarda

Shekara 35 ba ta rasa wuraren da ba daɗi. A fayil ɗin Malam Wane akwai takardar tuhuma guda ta tun yana saurayi, akwai shekara takwas da ya yi ba ƙarin girma, akwai wata shida da ya yi jinya. Babu ɗaya da zai shiga. Barin su ba ƙarya ba ce, domin takardar ba rahoton bincike ba ce. Ƙarya ita ce ka rubuta "bai taɓa samun matsala ko sau ɗaya ba". Abin da ba za ka iya rantsuwa a kai ba, ka yi shiru a kansa. Haka nan kada ka shigar da shi ta bayan gida, kamar ka ce "duk da ƙalubalen da ya fuskanta", don jama'a za su fara tambayar wane ƙalubale. Jinkirin ƙarin girma kuwa yana da sauƙin kaucewa: faɗi inda ya fara da inda ya kai, ba sai ka jera kowane mataki da shekararsa ba.

Albashi, bashi, da kuɗin sallama ba su da gurbi. Barkwancin ofis ma haka, domin abin da ke ba abokan aiki dariya yana iya zama cin fuska a gaban surukai da jikoki.

Maganar iyali da izini ake yi. Wani ba ya son a buga sunan matarsa, wani ba ya son a ƙidaya masa 'ya'ya, wata kuma ba ta taɓa haihuwa ba, ko aurenta ya mutu. Ka tambaya a keɓe, ka rubuta abin da aka yarje maka kawai. Ka tambayi kuma yadda yake so a rubuta sunansa: Malam ne ko Alhaji, yana da sarauta ko babu.

Misali cikakke

*Malam Wane ya kama aiki da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano a watan Afrilun 1989 a matsayin akawu, aka tura shi wani asibiti a ƙasar Haɗejiya. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ya ci gaba da aikinsa a ƙarƙashin sabuwar jihar. Ya yi kwas na adana bayanan marasa lafiya ya samu difloma, sannan a 1998 aka maido shi wannan asibiti, inda ya riƙe ɗakin kati har zuwa yau.*

*Duk wanda ya taɓa ɓatar da katinsa ya san jar rajistar Malam. Shi ya ƙirƙiro ta da kansa, yana rubuta sunan mutum da na mahaifinsa da garinsa, don kada a mai da marar lafiya gida saboda ya manta lamba. Yanzu littafi na tara ake ciki. Da aka fara shigar da bayanai cikin kwamfuta, yana cikin mutum huɗu da suka yi aikin, kuma rajistocinsa aka riƙa dubawa wurin raba masu suna iri ɗaya.*

*Masu gadi ba su manta daren da rufin ɗakin kati ya yi yoyo ba. Malam ya taso daga gida cikin ruwa, tare da su aka kwashe fayiloli har asuba. Matasa goma sha ɗaya ne suka koyi aiki a hannunsa, biyu a cikinsu yanzu suna riƙe da ɗakunan kati a wasu asibitoci. Suna cewa ba ya gyara wa mutum kuskure a gaban layi, sai an tashi.*

*Malam yana ajiye aiki a watan Afrilun 2024 bayan shekara 35, yana shugaban ɗakin kati. Ya ce zai koma gonarsa da karatunsa. Mu ma'aikatan wannan sashe muna masa godiya, muna roƙon ya yafe mana inda muka saɓa masa. Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a abin da zai sa gaba.*

Dubi yadda aka raba wurin. Shekaru da muƙamai sakin layi ɗaya suka ci, ayyuka suka ci biyu. Babu kalmar "haziƙi" ko "jajirtacce" a ciki, mai karatu da kansa zai faɗe su. An ce "yana cikin mutum huɗu", don haka sauran ukun ba su rasa haƙƙinsu ba. Addu'ar ƙarshe ta mai rai ce. Idan mai ritayar ba addininku ɗaya ba, ka zaɓi fatan alherin da shi da iyalinsa za su ce amin a kai.

Kafin a kai maɗaba'a

Ka karanta rubutun da ƙarfi, kana duba agogo. Ka kai wa mai shi ya gani, kada ka ɓoye da sunan ba-zata, domin shi kaɗai zai gane an rubuta sunan garinsu ba daidai ba. Idan ya ce a cire wani abu, a cire ba gardama. In mai ɗab'i ya gama tsarawa, ka karɓi kwafi ɗaya na gwaji ka duba lambobin shekaru da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, don wasu na'urorin sukan mai da su akwati ko alamar tambaya. Ka tabbata kuma sunan da ke ƙarƙashin hoto na mai hoton ne.

Tambayoyin bita

1. Faɗi bambanci ɗaya tsakanin taƙaitaccen tarihi na ban-kwana da takardar neman aiki, da wani ɗaya tsakaninsa da ta'aziyya.
2. An haifi wani ma'aikaci a 1970, ya kama aikin gwamnati a 1992. Bisa ƙa'idar shekara 60 ko 35, a wace shekara zai yi ritaya, kuma yana da shekara nawa?
3. Mene ne kuskuren wannan jimla: "Jihar Zamfara ta ɗauke ta aiki a 1990"?
4. Me ya sa shugabar sashen ta tambayi maigadi game da Malam Wane?
5. Sake rubuta wannan jimla ta hanyar sa hujja: "Hajiya Wance ta kasance mace mai riƙon amana."
6. Ka ga takardar tuhuma a fayil ɗin mai ritaya. Me za ka yi da ita, kuma wace irin jimla ce ba za ka rubuta ba?
7. Darakta da direba za su yi ritaya rana ɗaya. Yaya za ka raba musu wuri a takardar biki?
8. Zaɓi wani dattijo da ka sani a wurin aiki ko a kasuwa, ka nemi izininsa, ka yi masa tambayoyi uku, ka rubuta tarihinsa cikin kalmomi 250. Karanta wa ajinku ba tare da faɗin sunansa ba, su nuna maka jimlolin da za su dace da kowa.